Makulli a Hannun Wa? Sakaya Bayanan Binciken Fili a Ajiye da Kan Hanya, Tare da Misali Daga Malam Madori

Tsakure

Manazarcin da ya naɗi hira da mutum bisa alƙawarin rufa masa asiri ya karɓi amana, kuma a yau amanar tana kwana ne a cikin waya da kwamfuta da rumbunan intanet. Wannan maƙala ta bayyana yadda ake sakaya irin waɗannan bayanai yayin da suke tafiya da yayin da suke ajiye, da yadda hidimomin kula da makullai suke aiki. An bi misalin wani ƙaddararren bincike a Malam Madori don a nuna cewa sakayawa tana mayar da tambayar tsaron bayanai ne zuwa tambayar wanda makulli yake hannunsa.

1.0 Gabatarwa

Manazarta Hausa sun san zaurance, inda ake cusa wata gaɓa a tsakanin gaɓoɓin kalma ko a juya su domin a ɓad da bami. Ƙarfin zaurance yana ga jahilcin mai saurare. Ranar da ya gane dokar, duk abin da aka taɓa faɗa a gabansa ya tonu, kuma babu sauran amfani da ita. Sakaya bayanai ta zamani ta ginu ne a kan kishiyar wannan. Tun a 1883 Auguste Kerckhoffs ya shimfiɗa ƙa'idar cewa kada tsaron saƙo ya dogara ga ɓoye hanyar da aka bi. A bar hanyar kowa ya sani, makulli kaɗai za a ɓoye. Tsarin AES, wanda hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta amince da shi a 2001, a buɗe yake ga duk mai son karantawa. Makullinsa mafi tsawo, na `AES-256`, lamba ce da ake zaɓowa da ka daga cikin adadin da sai an jera alƙaluma 78 kafin a rubuta shi. Babu mai lalubo irin wannan lamba ta hanyar gwada ɗaya bayan ɗaya. Saboda haka ɓarawon bayanai ba ya ɓata lokacinsa wajen fasa ƙofa. Makullin yake nema, ko kuwa mutumin da aka ba izinin amfani da shi.

2.0 Misalin da Za a Bi

Malam Madori ɗaya ce daga ƙananan hukumomi takwas na masarautar Haɗeja, kuma layin dogon Kano zuwa Nguru ya ratsa ta garin. A wannan yanki na kwarin Kogin Haɗeja, fadama dukiya ce da manomi da makiyayi da masunci suke haɗuwa a kanta, kuma saɓani a kan burtali da mashaya da ɓarnar amfanin gona sananne ne.

A ƙaddara wata ɗalibar digiri na uku tana nazarin kalmomin sulhu da na zargi a irin waɗannan shari'o'i. Ta ɗauki mataimaka huɗu, kowanne da wayarsa, za su naɗi hira 120 a cikin wata uku. A cikin hirarrakin wani zai ambaci sunan wanda ya kashe burtali, wani zai faɗi abin da aka ba mai unguwa, wata kuma za ta faɗi abin da mijinta bai san ta sani ba. Kowannensu an yi masa alƙawarin cewa muryarsa ba za ta fita ba. Idan murya ɗaya ta shiga wayoyin mutanen gari, babu buƙatar suna, domin a ƙauye murya kanta suna ce.

Doka ma ta shigo ciki. Dokar Kare Bayanai ta Nijeriya, wadda aka sa wa hannu a watan Yunin 2023, ta sanya ƙabila da addini da ra'ayin siyasa da lafiyar mutum cikin bayanai masu buƙatar kulawa ta musamman. Ta ambaci sakayawa cikin matakan tsaro, ta kuma wajabta sanar da Hukumar Kare Bayanai ta Ƙasa cikin awa 72 idan an gano ɓarakar da za ta iya cutar da masu bayanan.

3.0 Kan Hanya

Wannan ɓangare shi ne mafi sauƙi. Idan mataimaki ya sami sabis ya tura hira zuwa na'urar ajiya ta nesa, wato saba, saƙon yana bi ta turakun sadarwa da na'urorin kamfanoni da dama. Abin da ke kare shi shi ne tsarin TLS, wanda alamarsa ita ce `https` a farkon adireshi. Waya tana duba shaidar saba don ta tabbatar ita ce ta ainihi, sannan su ƙulla makulli na wucin gadi wanda ake zubarwa bayan an gama. A sigar 1.3 da ta fito a 2018, ko da daga baya an sace makullin dindindin na saba, ba za a iya buɗe tsofaffin saƙonnin da aka tare ba.

Iyakar TLS ita ce bakin ƙofar saba. Kamar motar da ta ɗauko kaya a rufe ce daga Malam Madori zuwa Kano: da an isa tasha an kwance tamfol. Duk mai kula da sabar yana ganin hirar a fili, sai fa idan tun kafin a ɗora ta an riga an kulle ta. TLS kuma ba ya ɓoye cewa wannan waya ta yi magana da wannan saba a sa'a kaza.

4.0 A Ajiye

A nan ne kalma guda take ɗaukar ma'anoni da yawa, har ta ruɗi mai bincike. Idan kamfanin ajiya ya ce bayananka a sakaye suke, galibi abin da yake nufi shi ne faifan ajiyarsa a kulle yake, ta yadda wanda ya sace faifan daga ɗakin na'urori ba zai karanta komai ba. Wannan gaskiya ne, amma satar faifai ba ita ce hanyar da bayanai suka fi fita ba. Duk wanda ya shiga da kalmar sirrin mai asusu, na'urar da kanta za ta warware masa bayanan ta miƙa masa. Haka abin yake ga kwamfutar cinya da wayar hannu: kullewar tana aiki sosai idan na'urar a kashe take, tana raguwa idan a kunne aka bar ta, ba ta kuma da wani amfani idan lambar buɗewar ita ce shekarar haihuwar mai ita.

Bankin Capital One na Amurka ya ɗanɗana wannan a 2019, lokacin da aka kwashe bayanan mutane kimanin miliyan 100 a Amurka da miliyan 6 a Kanada. Bankin ya bayyana cewa yana sakaya bayanansa, sai dai hanyar da aka bi aka shiga ta ba da damar warware su. Izinin na'urar bankin aka ara, ba lissafin aka fasa ba.

Akwai hanyar da ta fi dacewa da ɗalibar Malam Madori. Manhajar ODK Collect, wadda ta samo asali daga Jami'ar Washington a 2008 kuma aka yi amfani da ita sosai a ayyukan lafiya a arewacin Nijeriya, tana iya kulle hira tun a cikin waya. Ana amfani da makullai biyu masu alaƙar lissafi. Na farko, makullin fili, kamar buɗaɗɗen kwaɗo ne: ana iya raba wa kowa, kowa yana iya danna shi ya kulle akwati, amma ba ya buɗewa. Na biyu, makullin ɓoye, shi kaɗai ke buɗe kwaɗon. Ana ƙirƙiro su a kwamfutar da ba ta haɗe da intanet:

```
openssl genpkey -algorithm RSA -pkeyopt rsa_keygen_bits:2048 -out boye.pem
openssl rsa -in boye.pem -pubout -out fili.pem
```

Ana kwafe abin da ke cikin `fili.pem`, ban da layin farko da na ƙarshe, a layi guda, zuwa gurbin `public_key` a shafin `settings` na fam ɗin. Daga nan, duk lokacin da mataimaki ya kammala hira, wayar tana ƙirƙiro sabon makullin AES na wannan hira kaɗai, ta kulle amsoshi da murya da hotuna da shi, sannan ta kulle shi kansa ƙaramin makullin da kwaɗon fili. Mataimakin da ya naɗi hirar ma ba zai iya sake buɗe ta ba. Idan an ƙwace wayar a hanyar Haɗeja, ko ta faɗa hannun mai gyara a kasuwa, fayilolin da ke ƙarewa da `.enc` kawai za a tarar. Saba ma haka za ta karɓe su, a kulle.

Ga inda ɓaraka take. Hirar da aka ajiye ba a kammala ba a buɗe take cikin waya, kuma mataimaka suna son barin aiki a haka don su gyara da dare. Idan an naɗi murya da wata manhaja dabam kafin a liƙa ta a fam, ta ainihin tana nan a inda aka fara naɗarta. Mafi yawan faruwa shi ne mataimaki ya tura murya ta WhatsApp domin sabis ya yi rauni. Saƙon a kulle yake tafiya, amma ya sauka a buɗe a wayoyi biyu, kuma yana iya shiga ajiyar ko-ta-kwana ta intanet, wadda ba ta samun irin wannan kullewa sai mai waya ya kunna ta da kansa, damar da aka samar a 2021. Ana gane waɗannan kurakurai ta hanya mai sauƙi: a kowane mako a karɓi wayoyin huɗu, a duba adadin hirarrakin da ba a kammala ba, a kuma leƙa jakar muryoyi.

5.0 Hidimar Kula da Makullai

Dabarar kulle ƙaramin makulli da babba ita ce ginshiƙin abin da manyan kamfanonin ajiya suke sayarwa da sunan KMS. Amazon da Google da Microsoft kowanne yana da nasa. Za a ɗauki na Amazon don misali.

A ce jami'ar ɗalibar ta buɗe taskar muryoyi ta sashe, inda hirarrakin za su koma bayan an gama aiki. Babban makullin taskar yana zaune a cikin wata keɓaɓɓiyar na'ura da aka ƙera domin kada ya taɓa fita a buɗe. Ko ma'aikacin jami'a ba ya ganinsa. Aike kawai yake yi. Idan za a ajiye hira, manhajar taskar tana neman ƙaramin makulli:

```
aws kms generate-data-key --key-id alias/taskar-murya --key-spec AES_256
```

Amsar tana zuwa da kwafi biyu na makulli ɗaya, ɗaya a buɗe, ɗaya a kulle da babban makulli. Ana kulle hirar da na buɗen, a shafe shi nan take, a ajiye kullallen a gefen fayil. Ranar da ake son saurare, sai a mayar da kullallen ga hidimar, ita kuma ta duba jerin masu izini kafin ta buɗe. Ke nan hira 120 suna da ƙananan makullai 120, dukkansu a ƙarƙashin babba guda.

Fa'idar farko ita ce rajista. Kowace buɗewa tana barin sawu a `CloudTrail`: wa ya nema, yaushe, daga ina. Ɗalibar da ke fassara hira biyu ko uku a rana ba za ta buɗe 120 cikin minti goma da ƙarfe ukun dare ba. Idan rajista ta nuna haka, an ari izininta. Sai dai rajistar da ba mai karantawa ba ta tsare komai. Fa'ida ta biyu ta shafi wanda ya janye yardarsa. Idan manomi ya dawo ya ce a cire muryarsa, shafe ƙaramin makullin hirarsa daga duk inda aka ajiye shi ya isa ya mayar da kowane kullallen kwafi shirme. Shafe babban makulli kuwa kashe taska ne gaba ɗaya, shi ya sa hidimar ba ta aiwatar da umarnin sai bayan jiran kwana 7 zuwa 30.

Akwai kuskuren fahimta guda da ya kamata a gyara. Sabunta babban makulli duk shekara ba ya sake kulle tsofaffin fayiloli, kuma hidimar tana riƙe tsohon domin buɗe su. Idan ƙaramin makulli ya riga ya fita, sabuntawa ba ta mayar da shi.

6.0 Wa Zai Riƙe?

Matakai uku ne a kasuwa. Ko kamfani ya ƙirƙiri makulli ya kula da shi baki ɗaya, ko jami'a ta mallaki ikon ba da izini da janyewa alhali makullin yana cikin na'urar kamfani, ko kuwa makullin ya zauna a wajen kamfanin ɗungurungum, kamar `boye.pem` na ɗalibar. Duk matakin da aka hau, haɗarin tonuwa yana raguwa, haɗarin ɓacewa yana ƙaruwa. ODK Central ma tana da matsakaicin tsari, inda saba take ajiye makullin ɓoye a kulle da kalmar sirrin da mai bincike kaɗai ya sani. Yana da sauƙi, amma a lokacin fitar da bayanai kalmar tana zuwa sabar, don haka ana amincewa da ita na ɗan wannan lokaci.

Dalilin da ya sa tambayar ta wuce fasaha yana cikin abin da ya sami Kwalejin Boston. Daga 2001 zuwa 2006 an naɗi hira da tsofaffin mayaƙan rikicin Ireland ta Arewa bisa alƙawarin cewa ba za a saki maganar mutum ba sai bayan mutuwarsa. Kwalejin ce ta riƙe faya-fayan. A 2011 hukumomin Amurka, bisa buƙatar Birtaniya, suka kawo sammaci, kotu kuma ta sa aka miƙa wasu. A 2014 'yan sanda suka tsare Gerry Adams suka yi masa tambayoyi, sannan suka sake shi ba tare da tuhuma ba. Masu naɗar ne suka yi alƙawari, amma ba su ke riƙe da ajiyar ba. Sakayawa ba ta ɗora kowa a saman doka, kuma kotu tana iya umartar mai makulli ya buɗe. Abin da take yi shi ne ta tantance ƙofar da za a ƙwanƙwasa. Dokar Amurka ta 2018 da ake kira CLOUD Act ta ba hukumomin ƙasar ikon neman bayanai daga kamfanoninta ko da a wata ƙasa suke ajiye. Idan makulli yana wajen kamfani, ana iya buɗe hirar ba tare da mai binciken ya ji ba. Idan yana hannunsa, dole a zo gare shi, ya sami damar neman lauya da sanar da jami'arsa.

To sai a ce ɗaliba ta riƙe abinta ita kaɗai? A nan ne yanayin kwarin Haɗeja yake da abin faɗa. Ambaliyar 2020 da ta 2022 sun ci gidaje da gonaki a wannan yanki. Idan makullin ɓoye yana cikin kwamfuta, kwafinsa kuma yana cikin filas a aljihun jakar kwamfutar, ruwa ɗaya ko ɓarawo ɗaya ya isa. Hirarrakin 120 za su ci gaba da zama lafiya a saba, amma har abada babu mai jin su, domin babu ofishin da ake zuwa a ce an manta. Mutuwa ma tana yin abin da ruwa yake yi. Ajiye makulli a ofishin sashe kaɗai shi ma yana da nasa ciwon: shugabancin sashe yana juyawa, kuma yajin aikin malaman jami'o'i na 2022 ya ɗauki wata takwas, daga Fabrairu zuwa Oktoba. Miƙa shi ga hakimi ko dagaci, duk da girman matsayinsu a wajen shiga gari, bai dace da irin wannan bincike ba, domin masu sarauta suna cikin waɗanda ake magana a kansu.

Mafita mafi kusa da daidai ita ce raba iko. A 1979 Adi Shamir ya fito da hanyar raba sirri kashi-kashi, ta yadda sai an haɗa wani adadi kafin ya fito, abin da bai kai adadin ba kuwa ba ya nuna komai. A aikace, ɗalibar za ta kulle `boye.pem` da doguwar kalmar sirri, ta ajiye kullallen fayil ɗin a garuruwa biyu, a ce Haɗeja da Kano. Kalmar sirrin tana kanta domin aikin yau da kullum. Domin ranar tsautsayi kuma sai a raba ta uku:

```
ssss-split -t 2 -n 3
```

Kashi ɗaya yana wajenta, ɗaya wajen malamin da ke duba aikinta, ɗaya a rufaffiyar ambulan a ɗakin karatu na jami'a ko wajen kwamitin ɗa'ar bincike. Idan ta manta, ita da mutum ɗaya sun isa. Idan ta rasu, sauran biyun za su iya buɗewa, amma babu ɗayansu da zai iya shi kaɗai. Rauninsa a bayyane yake: malamin da jami'a suna iya haɗa kai a bayan idonta idan suka sami fayil ɗin. Wanda wannan ya dame shi sai ya sa kashi na uku a hannun wani a wajen jami'ar.

Ba kowace murya ce take buƙatar wannan ɗawainiya ba. Waƙar masunta ko tatsuniyar da aka naɗa domin a yaɗa ta, haɗarinta ɓacewa ne, kuma kulle ta da makullin mutum ɗaya zalunci ne ga masu zuwa. Makullin kamfani da kwafi da yawa sun ishe ta. Rubutacciyar hirar da aka cire wa sunaye tana iya zama a taskar sashe ƙarƙashin KMS. Ɗanyar murya da takardar da ta haɗa lambar hira da sunan mai ita su ne suka cancanci makullin hannu, kuma bai kamata su biyun su kasance ƙarƙashin makulli ɗaya ba. Haka nan, muryar da aka yi alƙawarin rufewa shekara talatin bai kamata a bar ta a saba ba bayan an sauke ta, domin tsarin RSA yana cikin waɗanda ake hasashen kwamfutocin kwantam za su iya karyawa, abin da ya sa hukumar ƙa'idoji ta Amurka ta fitar da sababbin tsare-tsare a watan Agustan 2024.

Duk abin da aka yanke ya kamata ya shiga takardar neman yarda, da Hausar da manomi zai gane: mutum nawa ne za su iya jin muryarsa, su wane ne a matsayi, me zai faru idan ɗalibar ba ta nan, da kuma cewa kotu tana iya tilasta buɗewa. Kafin mataimaka su hau mota zuwa Malam Madori, sai a cike fam ɗin gwaji guda, a tura shi, a kashe kwamfutar ɗalibar a ajiye ta gefe, sannan malamin da ma'aikacin ɗakin karatu su haɗa kasonsu da `ssss-combine -t 2` a wata kwamfuta, su ɗauko fayil ɗin Kano, su buɗe hirar gwajin da ODK Briefcase har a ji muryar ta fito.